Na Ci Riba a Takarda, Shago Kuma Ya Rame: Ina Kuɗin Suka Shiga?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, atamfa nake sayarwa. Rabin jarin na yayana ne, shi ma'aikaci ne, ba ya zaman shago. A watan Yulin 2023 na yi odar turmi 2,000 daga ƙasar Sin, dala 10 kowanne, lokacin dala tana naira 800. Da kuɗin jirgi da kwastan da dako, turmi ya tsaya mini naira 10,000. Na sayar 12,500, wasu ma bashi na bayar. Da kuɗin suka gama dawowa a farkon 2024 na tarar dala ta kai 1,500, abin da na iya kawowa bai kai turmi 1,400 ba, kuma tun daga nan shagon bai koma yadda yake ba. Yaya yana ganin amanarsa na ci, har maganar ta kai gaban Hajiyarmu. Wani ya ce mini wai don muna shigo da kaya fiye da yadda muke fitarwa ne naira take karyewa. Ni ban ga haɗin ba. Yaya zan fahimtar da Yaya, kuma yaya zan kare kaina nan gaba?

Wani ɗan'uwa daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya daidaita tsakaninka da Yaya, ya sanyaya wa Hajiya rai.

Ɗauko biro mu fara da lissafi, don shi ne zai wanke ka, ba rantsuwa ba. Kuɗin da suka dawo hannunka naira miliyan 25 ne, a kan miliyan 20 da kuka zuba. Duk wanda ya ga littafin zai ce an ci ribar miliyan 5, kuma abin da Yaya yake gani ke nan. Amma ranar da ka koma yin oda, turmin nan na dala 10 ya zama naira 15,000 tun bai bar masaƙa ba. Kuɗin jirgi da dala ake biyansa, harajin kwastan ma da farashin dala ake ƙiyasta shi, don haka naira 2,000 ɗin da ke hawa kan kowane turmi ita ma ta kusa ninkawa, a ce 3,750. Turmi ya tsaya 18,750 ke nan. Raba miliyan 25 da 18,750, za ka samu turmi 1,333 da 'yan kai. Kashi ɗaya cikin uku na shagon ya tafi, ba tare da an buɗe aljihun tebur an ɗauki ko kwabo ba. Ɗan Sin ɗin ma bai ƙara maka farashi ba, dala 10 ɗinsa tana nan yadda take. Mudun da ka auna dukiyarku da shi ne ya ƙanƙance a hannunka kana tsaka da awo.

To me ya sa mudun ya ƙanƙance? Wanda ya gaya maka maganar shigo da kaya ya kama bakin zaren, sai dai bai warware maka shi ba.

Ka tuna ranar da za ka biya kuɗin odar nan. Mai masaƙa a Sin ba ya karɓar naira, domin ba zai biya ma'aikatansa da ita ba, ba zai sayi auduga da ita ba. Dole ka nemo dala. Ko banki ka bi da Form M, takardar da mai shigo da kaya yake cikewa, ko Wapa ka je wajen 'yan canji, abu ɗaya ka yi: ka kai naira miliyan 16 kasuwa ka sayar da ita, ka sayi dala 20,000. Mu dai mun saba cewa "na yi canji", amma ciniki ne kamar na atamfa, akwai mai saye akwai mai sayarwa, kuma dala ita ce hajar. Kowane mai shigo da kaya a ƙasar nan, daga mai kwantenar waya zuwa mai jirgin alkama, sai ya bi ta wannan ƙofar, yana miƙa naira yana neman dala.

Su wa ke kawo dalar? Wanda ya sayar wa waje wani abu. Mai fitar da riɗi daga Dawanau, in an biya shi da dala, ba zai ba manomi dala ba, ba zai biya 'yan dako da ita ba, dole ya sayar da ita ya karɓi naira. Shi ne kishiyarka a kasuwar. Haka mai citta, da mai zoɓo, da mai ƙaro, da mai fata, da ɗan'uwan da ke aiki a Landan ko Saudiyya yana aiko wa gida. Sai kuma babban yayansu duka, ɗanyen mai.

Yanzu ƙaddara da safe an kawo dala miliyan ɗaya kasuwa, masu nema kuma suna buƙatar miliyan biyu. Ba wanda zai zauna ya yanke hukuncin a karya naira. Abin da zai faru shi ne abin da ke faruwa a 'Yan Kaba ranar da motocin tumatir suka yi ƙaranci: mai kwando ya ga layi ya ɗaga farashi. Mai kwantenar da ta iso tashar Legas tana cin kuɗin ajiya kullum zai ce a ba shi ko nawa ne. Mai biyan kuɗin asibiti a Misira ba zai tsaya taya ba. Farashi zai yi ta hawa har sai masu neman rabin kuɗin sun haƙura sun koma gida. Wannan hawan shi ake kira faɗuwar naira. Ƙasar da take saye daga waje fiye da yadda take sayarwa, kullum layin masu neman dala ya fi na masu kawo ta tsawo, kuma ratar da ke tsakanin layukan nan ita ce ta cinye turmi 667 daga shagonku.

A nan zan ɗan yi wa abokin naka gyara, domin in Yaya mai bibiyar labarai ne zai iya ƙure ka. Zai ce ai sau da yawa hukuma tana sanar da cewa kayan da Najeriya ta fitar sun fi waɗanda ta shigo da su daraja. Gaskiya ne, a shekaru da dama haka lissafin kaya yake nunawa. Amma mafi yawan abin da ake fitarwar mai ne da iskar gas, kuma ba duk dalar mai ce take sauka kasuwa ba. Kamfanonin waje da ke haƙo shi suna da kasonsu, wani kason an riga an ci bashi a kansa. Sannan akwai shigo da kayan da ido ba ya gani, ba su bi ta kwastan ba amma dala suke ci: kuɗin makarantar yaran da ke karatu a waje, jinya a Indiya da Misira, kujerar Hajji da Umara, hayar jiragen ruwan da ba namu ba, ribar da kamfanonin waje ke mayarwa gida, da kuɗin ruwan bashi. In ka haɗa waɗannan da kayan da ake shigowa da su ta bayan fage ba a rubuta ba, za ka ga dalilin da ya sa layin masu nema ba ya ƙarewa. Mu gida ne mai baki da yawa da ya dogara da albashin mutum ɗaya. Ranar da albashin ya ragu, kowa sai ya ji a tukunya.

An kuwa gani. A tsakiyar 2014 gangar mai ta haura dala 100. Zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Ba mu rage cin burodi ba, ba mu rage shan mai a mota ba, amma dalar da ke shigowa ta zube. Babban Banki ya yi ta riƙe farashin gwamnati a wajen naira 197 zuwa 199, har a Yunin 2015 ya fitar da jerin kaya 41 da ya ce ba zai ba da dala a shigo da su ba, ciki har da shinkafa da tsinken sakace da yadi, wato hajarku. Wannan bai kashe buƙatar ba, ya dai koro ta daga banki zuwa Wapa. A Yunin 2016 aka saki farashin ya koma wajen 280, farkon 2017 kuma a kasuwar bayan fage dala ta taɓa 500.

Wannan shi ne abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Babban Banki yana iya toshe ratar na ɗan lokaci, yana ɗebo dala daga asusun ajiyar ƙasa na waje yana sayarwa da araha. Amma rumbu ne, in ana ɗiba ba a zubawa sai an ga ƙasansa. Shi ya sa naira ba ta faɗuwa sannu a hankali kamar yadda hankali zai ɗauka; sai ta yi shiru shekara biyu ko uku, sannan ta rufta a wata guda. Kai a bakin irin wannan ruftawar ka yi odarka. A tsakiyar Yunin 2023 aka daina riƙe farashin gwamnati da ke wajen 460, cikin kwanaki ya haura 700. Mutane da yawa sun ɗauka an gama, alhali akwai tarin bashin dala na biliyoyi da Babban Banki ya yi wa bankuna da kamfanoni alkawari bai biya ba, duk suna tsaye a layi. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta kusa 1,900 a kasuwar bayan fage. Da a wancan lokacin ka je yin oda, da abin ya fi haka muni.

Kada dai ka tafi da cewa giɓin ciniki shi kaɗai ne mai laifi. Amurka ta shafe shekaru da dama tana saye fiye da yadda take sayarwa, dalarta ba ta rushe ba, saboda duniya tana mayar mata da dalar ta hanyar zuba jari da ba ta bashi, kowa yana son ya ajiye dukiyarsa a can. Ga maƙwabtanmu na Nijar ma, sun daɗe suna shigo da kaya fiye da abin da suke fitarwa, amma sefa ba ta rawa irin ta naira, domin a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Ita ma ɗin da abin ya yi tsanani, a Janairun 1994, dare ɗaya aka rage rabin darajarta. Ma'ana giɓi yana karya kuɗi ne idan babu mai cike shi da wata dalar daga wani wuri. Sannan mu mun ƙara wa wutar fetur: gwamnati ta ci bashin fiye da naira tiriliyan 22 daga Babban Banki a shekarun da suka gabaci 2023, wato naira ta yi yawa a gari tana farautar dalar da ba ta ƙaru ba. Da mutane suka ga haka, har wanda ba ya shigo da ko allura ya fara sayen dala yana ɓoyewa, layi ya ƙara tsawo.

Masana za su ce maka abin yana gyara kansa, kuma da ɗan gaskiyarsu. In kuɗin ƙasa ya karye, kayan waje su yi tsada a rage saye, kayan gida su yi wa baƙo araha ya ƙara saye. Kai da kanka shaida ne a ɓangaren farko, ka rage oda da kashi ɗaya cikin uku ba da son ranka ba. Na biyun kuma ka gan shi a Kwari, lokacin da jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu ɗaya, ta haura naira 2,000 mutanen Maraɗi da Damagaram suka ga kayanmu kamar kyauta. Amma gyaran yana da nawa a wajenmu. Alkama da magani da kayan gyaran inji ba a daina sayensu don sun yi tsada. Masaƙun Kaduna da na Bompai da Sharaɗa, waɗanda da su ne za su ce ga tamu atamfar a madadin ta Sin, yawancinsu sun daɗe a rufe, kuma masaƙa ba ta tashi a wata shida, balle babu wuta. Abu ɗaya babba da ya taɓa layin masu neman dala shi ne matatar Ɗangote da ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, domin tataccen mai yana cikin manyan abubuwan da ke cinye mana dala.

To, mu dawo shago, don ba kai za ka gyara cinikin Najeriya da duniya ba.

Kuskurenka, kuma dole in faɗa maka shi tunda kai ka tambaya, shi ne ka sa farashi da abin da ka saya, ba da abin da za ka sake saye ba. Turmin da ke kan kanta ba naira 10,000 ɗin da ka biya watannin baya ba ne darajarsa, darajarsa ita ce abin da za ka kashe yau ka maye gurbinsa. Ranar da dala ta kai 1,100, kuɗin maye turmi ya kai 13,750, kai kuwa kana sayarwa 12,500 kana murna da ciniki. Daga wannan ranar duk turmin da ya fita da asara ya fita. Ka mayar da shi al'ada, kowace safiya kafin ka ɗaga ƙofa ka ji farashin dala, ka ninka da dala 12 da rabi, wato kuɗin turmi da na hanya, ka san ƙasan da ba za ka sauka ba. Na san abin da za ka ce: maƙwabcinka yana sayarwa a tsohon farashi, masu saye za su koma wajensa. Za su koma, na sati biyu ko uku, har kayansa su ƙare ya je oda ya gamu da abin da ka gamu da shi. Wanda ba zai iya riƙe farashi duka ba, ya ɗaga rabin hanya, ya fi zama a wuri ɗaya.

Bashi ya fi wannan ciwo. Wanda ka ba dila a Oktoba ya biya a Janairu, ya biya ka adadin da kuka yi, bai zalunce ka ba, amma kuɗin sun rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsu a aljihunsa. Ba na ce ka daina ba da bashi ba, Kwari ba ta tafiya sai da shi. Ka rage wa'adi zuwa sati biyu ko uku in kasuwar canji tana rawa, ka karɓi rabi a hannu. Kada kuma ka bi wanda ya ci bashin naira ka ce ya cika maka da farashin dala na ranar biya. Wannan magana ce da sai ka zauna da malamin da ya san fiƙihun ciniki kafin ka kusance ta.

Kada ka jira sai kuɗin duka sun taru sannan ka nemi dala. Da duk sati kana mayar da abin da ya shigo kana tura wa mai masaƙa a matsayin kafin alƙalami na oda mai zuwa, da ka sayi wata a 950, wata a 1,100, wata a 1,200, da asarar ta ragu sosai. Ka kula, wannan daban yake da ɓoye dala don caca. Waɗanda suka saya a 1,800 a Fabrairun 2024 suna jiran ta kai 2,500, a Afrilu sun gan ta ƙasa da 1,200, wasu sun sayar da hawaye kafin ta sake hawa. Kai dalar da za ka biya kaya da ita kawai za ka saya, ba ƙari. Lissafin mayewar nan kuma kaifi biyu gare shi: ranar da naira ta farfaɗo, kayan da ka kawo da tsada sai ka sauke musu farashi, in ba haka ba su kwana a kanta.

Alamun da za ka sa wa ido ba su da yawa. In ratar farashin banki da na Wapa ta fara buɗewa sosai, ko ka ji 'yan'uwa suna kukan Form M ɗinsu ya yi watanni ba a ba su dala ba, to rumbu ya fara yin ƙasa. In ka haɗa da labarin gangar mai tana sauka, ka gaggauta karɓo bashinka. In ratar ta matse, dala tana samuwa a banki ba layi, kana iya sassautawa.

Maganar Yaya kuma, kada ka je masa da tarihin Babban Banki, zai ɗauka kewaye-kewaye kake yi. Ka je masa da takardu: rasit ɗin odar farko da ke nuna dala 10, na biyu da ke nuna dala 10 ɗin dai, shaidar canjin da ka yi sau biyu da ranakunsu, takardun kwastan, da littafin ciniki har da sunayen masu bashi. Ka nemi dattijo ɗaya a layinku wanda Yaya yake ganin girmansa, wanda shi ma abin ya taɓa, ya zauna da ku. Ka bar Yaya ya danna na'urar lissafin da hannunsa. Tunda ma'aikaci ne, ka tambaye shi cikin ladabi buhun shinkafa nawa albashinsa yake saye a farkon 2023, nawa yake saye bayan shekara ɗaya. Ba wanda ya taɓa albashin, amma ya san ya rame.

Ka kuma amsa naka kason laifin a gabansa, na farashi da na bashi, tun kafin shi ya tono. Kana da wani laifin ma: ka bar shi wata shida bai san halin da ake ciki ba, sai da shago ya rame ya gani da idonsa. Mai jarin da ba ya zaman shago, shiru shi ke haifa masa zargi.

Daga nan ku sake yarjejeniya a rubuce, da shaidu biyu. Ku rubuta jarin da adadin turmi ko da dala, ba da naira kaɗai ba, ku kuma amince cewa ba a kiran komai riba sai an mayar da shago adadin da aka fara da shi. Da kun raba miliyan 5 ɗin nan a matsayin riba, da jarinku kuka ci da hannunku, kuma da oda ta biyu ba ta kai turmi 1,100 ba. Duk ƙarshen wata ka tura masa lissafi a waya, layi uku sun isa: abin da ke kanta, abin da ke hannun mutane, da farashin dala na ranar. Hajiya kuwa ku je mata tare bayan kun gama, Yaya ne zai yi mata bayani da bakinsa, ba kai ba.